Yadda Ake Gane Injin Huji Mai Batir Daga Hoto, da Sanin Ko Batirinsa Zai Shiga Sauran Kayan Kamfaninsa

Yawancin cinikin kayan aiki masu batir yanzu da hoto yake farawa. Mai shago ko ɗan gwanjo zai turo wa kafinta ko mai haɗa sola hoton injin huji a waya, ya ce na Makita ne, 18V ne, kuma ba shi da batir, shi ya sa ya yi araha. Mai saye kuwa yana da batura biyu na wannan kamfani a akwatinsa, sai ya ɗauka magana ta ƙare. A nan ne kuɗi ke salwanta, domin kamfani ɗaya yakan yi dangin batir uku ko huɗu waɗanda ba sa shiga mazaunin juna, wani lokaci ma lambar ƙarfin wutar da aka rubuta a jikinsu iri ɗaya ce. Launi da sunan kamfani ba su isa shaida ba. Lambar samfurin injin da siffar mazaunin batirinsa su ne ke yanke hukunci. Zan bi matakan da kayan Makita, domin a wurinsu ne ruɗanin ya fi yawa, kuma wanda ya iya karanta nasu ba zai sha wahalar na sauran ba.

Da farko, a nemi hotunan da za su yi magana

Hoton da mai sayarwa ya saba turowa shi ne na gefen injin, inda sunan kamfani ya fito da manyan haruffa. Wannan hoto yana da amfani, amma shi ne mafi ƙarancin bayani. Ka roƙe shi ƙarin guda uku. Na farko shi ne hoton takardar bayani da ke manne a ɗaya gefen injin, wadda ke ɗauke da lambar samfuri, ƙarfin wuta, saurin juyawa da ƙasar da aka ƙera shi. Na biyu shi ne hoton ƙasan mariƙi bayan an zare batir, an kifar da injin yadda haƙoran ƙarfe da tsagin da batir ke zamewa a ciki za su fito fili. Na uku shi ne hoton ƙasan batirin kansa, idan akwai shi, tare da cajarsa.

Ka ce masa ya ɗauka da hasken rana, kada ya kunna fitilar waya, saboda takardar tana da ƙyalli kuma hasken yakan shafe ainihin lambobin da ake nema. Idan zai yiwu ya turo hoton a matsayin fayil, domin manhajojin hira suna rage nauyin hoto har 3 ta koma kamar 8. Mai sayarwar da ya ƙi kifar da injin ya ɗauki ƙasansa, a ganina, ya riga ya ba ka rabin amsa.

Wane irin inji ne ma tukuna

Kafin a zo ga lamba, bakin injin zai gaya maka aikinsa. Idan bakin zagayayye ne mai yatsu uku da ke buɗewa da tsukewa, injin huji ne. Sai ka duba zoben da ke bayan bakin: idan akwai zanen guduma kusa da zanen ƙarfen huji da na sukuru, to yana da bugu, zai iya huda bulo, idan babu guduma, na katako ne da ƙarfe da ɗaure sukuru kawai. Idan injin gajere ne, bakinsa ƙaramin rami mai kusurwa shida, wannan na ɗaure sukuru ne da bugu. Idan kuwa bakin dunƙulen ƙarfe ne mai kusurwa huɗu da ya leƙo waje, na kwance noti ne, irin wanda makanikai ke cire taya da shi. Waɗannan biyun na ƙarshe suna kama da juna ƙwarai daga gefe, kuma an sha sayen ɗaya a maimakon ɗaya.

Amfanin wannan mataki shi ne ya ba ka abin da za ka gwada lambar da shi. Idan lamba ta ce injin mai bugu ne amma zoben ba shi da guduma, to ko an sauya takardar, ko kayan jabu ne.

Karanta lambar samfuri

A kayan Makita da ake sayarwa a Turai, Afirka da yawancin Asiya, injinan babban dangin 18V, wanda kamfanin ke kira LXT kuma ya fito da shi a 2005, suna farawa da harafin D. Haruffa biyun da ke biye su ne ke faɗin aikin: DHP injin huji ne mai bugu, DDF injin huji marar bugu, DTD na ɗaure sukuru, DTW na kwance noti, DGA na yanka da gurza ƙarfe, DHR kuma babban mai huda kankare. Tsofaffin da aka yi kafin a koma D suna farawa da B, kamar BHP453, kuma za mu dawo kansu domin suna da tasu matsalar.

Haruffan da ake ƙarawa a ƙarshen lamba a jikin kwali ko a talla ba su shafi injin ba, abin da ke cikin kwalin suke faɗa. Mafi muhimmanci a cikinsu shi ne Z. Idan ka ga DHP482Z, ma'anarsa inji ne tsirara, babu batir babu caja, ko da hoton tallan ya nuna shi da batir a maƙale.

Kayan gwanjo kuwa suna zuwa daga ƙasashe daban-daban, kuma kamfanin yana sauya suna gwargwadon kasuwa. A Amurka dangin nan da X yake farawa: XPH, XFD, XDT. A Japan babu D a farko, sai a ƙarshe, shi ya sa injin da Turai ta sani da DHP484 can HP484D ake ce masa. Duk waɗannan batirin LXT guda suke ɗauka. Abin da ba ya ƙetare iyaka lafiya shi ne caja. Ta Amurka an yi ta ne don wutar 120V, ta Japan don 100V, mu kuwa a Najeriya da Nijar da Gana wutarmu wajen 220V zuwa 230V ce, don haka in ka jona ta kai tsaye za ta ƙone. Wannan ne dalilin neman hoton ƙasan caja.

Dangin batir huɗu a gida ɗaya

Lambar batir ta fi ta inji sauƙin karantawa. Tana farawa da BL, lambobi biyu na farko suna nuna ƙarfin wuta, biyun ƙarshe kuma yawan cajin da yake riƙewa. BL1830B na 18V ne mai 3.0Ah, BL1850B mai 5.0Ah, BL1860B mai 6.0Ah. Harafin B na ƙarshe yana nufin akwai maɓalli da ƙananan fitilu masu nuna ragowar caji. Waɗannan su ne na LXT.

Dangi na biyu shi ne CXT, ƙananan injina masu 12V max, da batura irin BL1021B da BL1041B, da injina irin HP333D. Na uku shi ne XGT mai 40V max, da batura irin BL4025 da BL4040, da injina irin HP001G. Waɗannan biyun ba su cika ruɗar da mutum ba, tunda lambar ƙarfin wutarsu ta bambanta kuma an rubuta sunan dangin a jikinsu.

Na huɗu shi ne mai cin kuɗin mutane. Akwai wani dangi mai araha da ake kira jerin G, wanda aka yi don masu ƙananan ayyukan gida. Shi ma 18V ne, shi ma zamewa batirinsa yake yi, launin injinsa ma yakan zo irin na LXT, amma tsaginsa da jerin haƙoransa daban suke. Batirinsa yana ƙarewa da G, kamar BL1813G da BL1815G, cajarsa DC18WA ce, injinansa kuma sun haɗa da HP457D da HP488D. Batirin LXT ba ya shiga injin G, na G ba ya shiga injin LXT, cajojinsu ma ba sa aron juna.

A kula da tarko biyu a nan. Harafin G a ƙarshen lambar batir yana nufin jerin G, amma G a ƙarshen lambar inji, kamar HP001G, yana nufin XGT. Harafi ɗaya ne, dangi biyu ne da ba su haɗa komai ba. Sannan HP484D na Japan LXT ne, alhali HP488D jerin G ne, ga shi kuwa lamba ɗaya tak ta raba su. Saboda haka idan lambar inji ta fara da HP ko DF ko TD ta ƙare da D, kada ka yanke hukunci daga siffar lambar, sai ka tabbatar a littafin injin.

Game da kalmar max da ake liƙa wa wasu lambobi: kowace ƙwayar litiyam da ke cikin batir tana ba da wajen 3.6V a yayin aiki, da wajen 4V idan ta cika. Ƙwayoyi biyar a jere su ne 18V, su ne kuma 20V max. Uku su ne 10.8V ko 12V max. Goma su ne 36V ko 40V max. Wani kamfani yakan rubuta lambar aiki, wani ya rubuta lambar cika. Don haka bambancin 18 da 20 ba ya nufin batura biyu ba su dace ba, kamar yadda daidaiton 18 da 18 bai sa LXT da G suka dace ba.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

Mu ɗauka mai haɗa sola yana da injin ɗaure sukuru DTD152, da batura biyu BL1850B, da caja DC18RC. Yana neman injin huji mai bugu don kafa ƙarafan farantin sola a bango. An turo masa hoton wani inji mai launin Makita da aka saba, baki mai yatsu uku, an rubuta 18V a gindinsa, babu batir.

Ya faɗaɗa hoton, ya ga zanen guduma a zobe, don haka ya san mai bugu ne, lambarsa kuma ya kamata ta ƙunshi HP, ko PH in na Amurka ne. Siffar jikin ta yi kama da DHP453, wanda tsohon samfuri ne sananne mai baki na milimita 13, kuma da ya tsaya a nan da ya tura kuɗi. Sai dai HP457D na jerin G shi ma mai bugu ne, bakinsa milimita 13, kuma daga gefe a hoton waya da ƙyar za a raba su. Abin da ya fara sa shi shakka shi ne bai ga rubutun LXT a ko'ina a jikin injin ba, alhali a injinsa na gida rubutun yana nan a fili.

Ya nemi hoton takardar bayani. Da ta zo, ga abin da ke layin farko:

```
HP457D   18V
```

Babu D a farko, akwai D a ƙarshe. Wannan na iya zama na Japan, yana iya zama jerin G, don haka ya rubuta lambar a shafin kamfanin ya sauko da littafin injin. A sababbin littattafan Makita akwai wani ɗan jadawali a shafukan farko mai taken Applicable battery cartridge and charger, wanda ke jera batura da cajojin da injin ke karɓa. A tsofaffi kuma ana rubuta lambar batirin a cikin jadawalin bayanan injin. Baturan da ya tarar an jera duk da G suka ƙare, babu BL1850B a cikinsu. Da hoton ƙasan mariƙi ya iso, ya kifar da DTD152 ɗinsa ya ajiye kusa da wayar, ya ga jerin haƙoran bai zo ɗaya ba.

Lissafin da ya rage mai sauƙi ne. In ya sayi wannan inji, dole ya ƙara sayen batirin G da caja DC18WA, batirin kuwa 1.5Ah ne in BL1815G ne, wato bai kai kashi ɗaya cikin uku na wanda yake da shi ba, sannan zai riƙa yawo da caja biyu. Arahar ta tashi a banza. Ya bar shi, ya nemi wanda lambarsa ta fara da DHP.

In lamba ta fara da D ko B, saura duba tauraro

Da a ce takardar ta nuna DHP453, da sauran mataki ɗaya. A kifar da injin a duba farantin roba da haƙoran ke zaune a kai. Ƙa'idar kamfanin ita ce manyan batura masu 4.0Ah, 5.0Ah da 6.0Ah suna aiki da injin da ke da alamar tauraro a wannan faranti, ko wanda farantinsa rawaya ne. Wasu tsofaffin injina, musamman masu farawa da B, farantinsu baƙi ne kuma babu tauraro. Irin waɗannan suna karɓar tsohon BL1830, amma BL1850B zai zame ya kai wani wuri ya cije, saboda an bar wani ɗan tudun roba a tsagin da gangan domin ya tare shi.

Wasu masu gyara sukan sa wuƙa ko zarto su kankare tudun, batirin ya shige, injin ya juya, a ce an yi dabara. Ba na ba da wannan shawara. Tauraron alama ce ta cewa inji da batir suna musayar bayani, ta yadda za a yanke wuta idan nauyi ya yi yawa, ko zafi ya hau, ko caji ya kusa ƙarewa ƙurmus. Tsohon injin da ba shi da wannan tsari zai iya zuƙe batirin fiye da ƙima, kuma ƙwayar litiyam da aka zuƙe haka takan lalace har caja ta ƙi karɓar batirin. Batirin 5.0Ah na asali sau da yawa ya fi tsohon injin tsada. Idan kana duba hoton kayan gwanjo ka ga alamar yanka ko farin karce a gefen tsagin, ka san an riga an yi masa wannan aikin.

Haka kuma D a farko ba koyaushe ke nufin 18V ba, domin LXT yana da ɓangaren 14.4V, mai batura irin BL1430. DHP470 na 14.4V ne, DHP480 kuma na 18V. Takardar bayani ce za ta raba gardama. Akwai kuma manyan injina, kamar zarton yankan itace DUC353, da aka rubuta musu 36V amma mazauni biyu gare su: baturan LXT biyu suke ɗauka a jere, kuma batirin XGT ba ya shigarsu duk da cewa shi ma 36V ne a aikace.

Jabu da masu kwaikwayo

Kasuwanninmu cike suke da injina masu launin Makita da mazaunin batir da aka kwaikwaya daga LXT, wasu da sunan kamfanin, wasu da wani suna mai kama da shi. Hoto yakan tona su. Batirin da girmansa bai wuce tafin hannu ba amma aka rubuta masa 88V ko 128V, lambar ado ce. Ƙwayoyi biyar ne a ciki ko goma, kuma 18V yake bayarwa. Ka kuma gwada lambobin da juna: ƙarfin wuta sau Ah shi ke ba da Wh, wato jimillar wutar da batir ke ɗauka, don haka BL1850B na gaske 90Wh ne, BL1830B kuma 54Wh. Batirin da aka rubuta wa BL1860B sannan aka ce 9.0Ah ne ya ƙaryata kansa, tunda 60 ɗin da ke lambarsa 6.0Ah take nufi. Lambar injin da ka rubuta a shafin kamfani ba ta fito ba ita ma shaida ce. Amma ganin an rubuta ƙirar Sin ba hujjar jabu ba ce ko kaɗan, domin kamfanin, wanda hedikwatarsa ke Anjo a Japan, yana da masana'antu a Sin da Romaniya da wasu ƙasashe.

Batirin asali yakan shiga irin waɗannan injina ya yi aiki, sai dai shiga daban, kariya daban: babu tabbacin injin zai tsaya kafin ya zuƙe batirin. Haka abin yake ga adaftocin roba da ake sayarwa don haɗa batirin wani kamfani da injin wani, domin da yawansu wayoyin wuta biyu kawai suke sadarwa.

Sauran kamfanoni a taƙaice

Matakan ba sa sauyawa, sunaye ne kawai ke sauyawa. A wurin Bosch launi yana taimakawa: shuɗin na ƙwararru mai batirin GBA ko ProCORE ba ya musaya da koren na gida mai batirin PBA, duk da cewa dukansu 18V ne. A wurin DeWalt, 18V XR na Turai da 20V MAX na Amurka abu ɗaya ne kuma suna shiga juna, amma tsohon batirinsu na 18V mai dogon wuya da ake cusawa cikin mariƙi daban yake. Batirinsu na FlexVolt mai 54V kuma yana sauka ya yi aiki a injin 18V, alhali batirin 18V ba ya tuƙa injin 54V. Milwaukee ya rubuta amsar a jiki da manyan haruffa, M12 ko M18, kuma ba sa haɗuwa. A kayan Ingco masu 20V, alamar da za ka nema a inji da batir ita ce P20S.

Ranar karɓar kaya, ka tafi da batirinka a aljihu ko da hotuna sun gamsar da kai. Ka zura shi da hannu ɗaya ba tare da dannawa da ƙarfi ba. Ya kamata ya zame har ya yi ƙaras, jan layin da ke saman maɓallinsa ya ɓace. Ka juya injin gaba da baya, a giya ta ɗaya da ta biyu, ka murɗa zoben zuwa guduma ka danna bakin a jikin bulo ka ji bugun, sannan ka girgiza shi yana juyawa. Idan ya ɗauke wuta yayin girgizawa, haƙoran mazaunin sun saki ko sun ci wuta, kuma kuɗin sauya farantin ya kamata ya fita daga farashin kafin ka biya.